Takardar Gwamnati Ba Ta Cin Amana, Amma Farashinta Yana Faɗuwa

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin masu tallan takardun lamunin gwamnati, wato cewa kuɗin da aka zuba a can ba ya faɗuwa. Maganar gaskiya ce, amma rabinta kawai aka faɗa. Abin da gwamnati ta yi alkawari shi ne za ta riƙa biyan wani adadi a ranakun da aka tsayar, sannan ta dawo da uwar kuɗi ranar da wa'adi ya cika. Ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin cewa in ya buƙaci kuɗinsa kafin wannan rana zai samu mai saye a farashin da ya saya ba. A tsakanin ranar saye da ranar wa'adi kasuwa ce ke yanka farashi, kasuwa kuwa kuɗin ruwan da ake bayarwa yau take kallo, babu ruwanta da na shekarar da aka buga takardar. Ra'ayina shi ne duk wanda ya sayi irin wannan takarda yana kallon ribar da aka rubuta a jikinta kaɗai, bai tambayi tsawon lokacin da kuɗinsa zai yi a ɗaure ba, ya sayi abin da bai san nauyinsa ba.

Bari mu ɗauki takarda guda ta gaske mu bi ta daga farko har ƙarshe. A watan Yunin 2020 Ofishin Kula da Basussuka na Najeriya ya fitar da sukuk na uku na gwamnatin tarayya, na kimanin naira biliyan 162.5, domin aikin hanyoyi. Wa'adinsa shekara bakwai ne, zai cika a Yunin 2027, kuma kuɗin hayar da aka yanka masa kashi 11.2 cikin ɗari ne a shekara, ana biya sau biyu. Na zaɓi sukuk ne domin mutanenmu da yawa da ke ƙyamar takardar lamuni mai kuɗin ruwa a nan suka shiga. Ta fuskar shari'a da tsarin yarjejeniya sukuk daban yake da takardar bashi, domin haya ce ake karɓa a kan kadara. Amma da zarar an kai shi kasuwa za a sayar, lissafin farashinsa ɗaya ne da na kowace takarda mai biyan tsayayyen adadi, saboda mai saye yana auna shi ne da abin da zai iya samu a wani wuri.

Wanda ya zuba naira miliyan ɗaya a wannan sukuk yana karɓar naira 56,000 duk wata shida, wato 112,000 a shekara, sannan a Yunin 2027 a mayar masa da miliyan ɗayansa. A lokacin da ya saya, ciniki ne mai kyau. Kafin shekarar 2020 ta ƙare, ribar takardun baitulmali na gajeren wa'adi ta faɗo ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, mai riƙe da kashi 11.2 kuwa sai ya zama abin sha'awa. Amma daga watan Mayun 2022 Babban Bankin Najeriya ya fara ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa daga kashi 11.5, ya yi ta ɗagawa har ya kai 26.25 a Mayun 2024, sannan 27.5 a Nuwambar wannan shekarar. Takardun baitulmali na shekara ɗaya suka koma bayar da sama da kashi 20. Naira 56,000 ɗin mutuminmu ba ta ƙaru da ko kwabo ba, domin haka yarjejeniya ta ce.

Yadda ake yanka farashi

Mu ƙaddara a Yunin 2024 buƙata ta taso wa wannan mutum, yana so ya sayar. Saura shekara uku wa'adi ya cika, wato saura biya shida. Mu kuma ƙaddara cewa takardun gwamnati masu irin wannan wa'adi suna bayar da kashi 19 cikin ɗari a kasuwa a ranar. Wane mai hankali ne zai ba shi miliyan ɗaya domin ya riƙa karɓar kashi 11.2, alhali da miliyan ɗayan nan zai iya sayen wata takardar gwamnati ɗaya da za ta ba shi kashi 19? Babu. Tun da ba a iya taɓa adadin da takardar ke biya, kuma ba a iya taɓa ranar wa'adi, abu ɗaya ne ya rage da zai motsa, shi ne farashi. Dole ya sauko har inda mai saye zai ga shi ma kashi 19 zai samu.

Kamar shago ne da aka bayar haya na shekara bakwai a kan tsayayyen kuɗi, sai hayar shagunan unguwar ta tashi. Mai shagon yana nan yana karɓar abin da aka yi alkawari, amma in ya tashi sayar da wannan yarjejeniya, mai saye zai rage kuɗi daidai da giɓin da ke tsakanin tsohuwar haya da sabuwa, a tsawon shekarun da suka rage.

Ga yadda lissafin yake. Kashi 19 a shekara yana nufin kashi 9.5 a wata shida. Naira 56,000 da za ta zo bayan wata shida, darajarta a yau ita ce adadin da in aka ajiye shi a kan kashi 9.5 zai zama 56,000, wato a raba ta da 1.095, a samu 51,142. Wadda za ta zo bayan shekara guda sai a raba ta da 1.095 sau biyu, ta zama 46,705. Haka za a bi sauran, kowace tana ƙara ƙanƙancewa gwargwadon nisanta: 42,653, sai 38,952, sai 35,573. Biya na ƙarshe shi ne babba, domin ya haɗa haya da uwar kuɗi, naira 1,056,000, kuma da yake shi ne mafi nisa, darajarsa a yau 612,603 ce kawai. In aka tara su duka shida za a samu naira 827,628. Wannan shi ne farashin takardar a ranar. Mutumin da ya zuba miliyan ɗaya, gwamnati ba ta saɓa masa alkawari ko sau ɗaya ba, amma in ya sayar zai bar sama da naira 172,000 a kasuwa, kusan kashi 17 cikin ɗari na jarinsa.

Doka ta farko ke nan, kuma ba ta da togaciya ga takarda mai tsayayyen biya: in ribar kasuwa ta hau, farashi ya sauka, in ta sauka, farashi ya hau. Takardar da rubutacciyar ribarta ta gaza ta kasuwa ana sayar da ita ƙasa da ainihin kuɗinta, wadda tata ta fi ta kasuwa ana sayar da ita sama da shi.

Riba uku a takarda ɗaya

Yanzu mu koma wajen wanda ya saya a kan 827,628. Nawa ne ribarsa? A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin lamba uku ce ke yawo, kuma kowace ana kiranta riba. Ta farko ita ce wadda aka rubuta a jikin takarda, kashi 11.2, wadda ba ta gaya wa sabon mai saye komai sai adadin kuɗin da zai riƙa shigo masa. Ta biyu ita ce a raba abin da ake karɓa a shekara da abin da aka biya, wato 112,000 a kan 827,628, wanda ya ba da kashi 13.5. Ita ma ba ta cika ba, domin ta manta cewa ranar wa'adi miliyan ɗaya cif za a ba shi, ba 827,628 ba. Wannan ƙarin na 172,372 shi ma riba ne, sai dai yana zuwa ne a ƙarshe. Ta uku ita ce ta haɗa duka biyun, da biyan wata shida-shida da ƙarin ƙarshe, tare da la'akari da lokacin da kowanne zai zo. Ita ce kashi 19, cikakkiyar ribar wanda ya riƙe har wa'adi, wadda ake rubutawa YTM a allon dillalai. Da ita kaɗai ake iya gwada takarda da takarda.

Cikakkiyar riba da farashi abu ɗaya ne aka faɗa ta hanya biyu. In dillali ya ce maka farashi 82.76 ne a kan kowace naira ɗari, ya riga ya gaya maka ribar kashi 19 ce. In ya ce ribar kashi 19 ce, ya riga ya gaya maka farashin.

Sai dai wannan lamba tana tafe da sharaɗin da ba a cika faɗa ba. Domin jarin mutum ya girma da kashi 19 a dukan shekara ukun, sai ya riƙa mayar da kowace 56,000 da ya karɓa cikin wani jarin mai kashi 19 har zuwa ranar wa'adi. In ya yi haka zai tashi da kimanin naira 1,426,700. In kuwa ribar kasuwa ta sauko zuwa kashi 12, kuma a kan wannan yake sake zuba hayarsa, zai tashi da kimanin 1,390,600, wato girman jarinsa ya koma kashi 18.1. In kuma a gida yake ajiye hayar ba ta haifar komai, 1,336,000 zai tara, kashi 16.6 ke nan. Saboda haka hawa da saukar kuɗin ruwa suna taɓa mai takarda ta fuska biyu da ke jan juna. Hawan riba yana karya farashin takardarsa, amma yana ƙara masa abin da zai samu in ya sake zuba hayar da yake karɓa. Saukarta kuma akasin haka take yi. A riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Mizanin jira

Doka ta farko ta gaya mana inda farashi zai nufa, amma ba ta gaya mana nisan da zai yi ba. Mu ɗauki takarda uku, dukkansu na miliyan ɗaya, dukkansu masu biyan kashi 11.2, a kasuwar da ke neman kashi 19. Wadda saura shekara ɗaya wa'adinta ya cika za ta tsaya a kan kimanin 931,900, asarar ƙasa da kashi 7. Tamu mai shekara uku ta tsaya a 827,600, asarar kashi 17. Wadda saura shekara ashirin kuwa za ta faɗo zuwa kimanin 600,400, asarar kashi 40. Mai bayarwa ɗaya, rubutacciyar riba ɗaya, canjin kasuwa ɗaya, amma asarar ta ninka kusan sau shida. Dalili a fili yake. Mai takardar shekara ɗaya zai yi haƙuri da ƙaramar riba na ɗan lokaci ne ya karɓi kuɗinsa ya koma sabon farashi, mai ta shekara ashirin kuwa an ɗaure shi da tsohuwar riba har biya arba'in.

Amma shekarun wa'adi kaɗai ba su isa awo ba, domin ba a ranar wa'adi kawai kuɗi ke dawowa ba. Takardar da ke biyan kashi 20 a shekara tana mayar wa mai ita da babban kaso na kuɗinsa tun da wuri, wadda ba ta biyan komai sai a ƙarshe kuwa tana sa shi jira har ranar ƙarshe, ko da wa'adinsu ɗaya ne. Wani masanin tattalin arziki mai suna Frederick Macaulay ne ya fito da awon da ya magance wannan a 1938. Abin da ya yi shi ne ya nemi matsakaicin lokacin da mai takarda ke jira kafin kuɗinsa ya dawo, yana ba kowane biya nauyi gwargwadon darajarsa a yau. Wannan shi ne mizanin jira.

Mu gwada da tamu. Biya na farko yana zuwa a zango na ɗaya da daraja 51,142, na biyu a zango na biyu da 46,705, har zuwa na shida mai 612,603. Sai a ninka kowace daraja da lambar zangonta, a tara, a raba da farashi. Jimillar ta kai kimanin 4,281,800, in aka raba ta da 827,628 a samu zango 5.17. Da yake kowane zango wata shida ne, shekara 2.59 ke nan. Wa'adin takardar shekara uku ne, amma matsakaicin jiran kuɗinta shekara biyu da wata bakwai ne, saboda biyan da ke zuwa a kan hanya ya jawo shi kusa.

Amfanin wannan lamba yana fitowa ne in aka yi mata ɗan gyara, aka raba ta da 1.095 ɗin nan, ta koma 2.36. Wannan gyararren mizani yana cewa duk lokacin da cikakkiyar riba ta motsa da maki ɗaya, misali daga 19 zuwa 20, farashi zai motsa da kimanin kashi 2.36 cikin ɗari ta ɗaya ɓangaren. Kashi 2.36 na 827,628 ya kai kimanin naira 19,530. In muka sake cikakken lissafi a kan kashi 20, farashi ya zama 808,369, wato ya sauka da 19,259. A kan kashi 18 ya zama 847,479, ya hau da 19,851. Mizanin ya kusa bugawa daidai a duka biyun. Mai kwamfuta ba sai ya sha wahalar lissafin hannu ba, domin manhajar Excel tana yi da layi biyu, na farko ya ba da 82.76, na biyu 2.36:

```
=PRICE(DATE(2024,6,16),DATE(2027,6,16),0.112,0.19,100,2)
=MDURATION(DATE(2024,6,16),DATE(2027,6,16),0.112,0.19,2)
```

Abu uku ne ke tsawaita mizanin: nisan wa'adi, ƙanƙantar rubutacciyar riba, da ƙanƙantar ribar kasuwa kanta. Na ukun shi ne ya fi yaudara. A lokacin da kuɗin ruwa ya yi ƙasa, mutane sukan ruga wajen takardun dogon wa'adi domin su ɗan samu ƙari, alhali a daidai lokacin ne mizanin ya fi tsawo, hatsarin ya fi girma. Ƙasar Ostiriya ta fitar da takardar shekara ɗari a 2020 mai biyan kashi 0.85 kacal, masu jari suka yi rububinta. Da kuɗin ruwa ya tashi a Turai a 2022, farashinta ya faɗo ƙasa da rabin ainihin kuɗinta, ba tare da kowa ya yi shakkar cewa Ostiriya za ta biya ba.

Inda mizanin ke kuskure

Mai lura zai ga cewa a gwajinmu saukar ta ɗan gaza abin da mizani ya ce, hawan kuma ya ɗan wuce shi. Ba kuskuren lissafi ba ne. Dangantakar farashi da riba ba miƙaƙƙen layi ba ce, lanƙwasasshiya ce, mizanin kuwa yana auna gangararta ne a wuri ɗaya kawai. In motsin ƙarami ne bambancin ba ya da yawa, in babba ne sai ya buɗe sosai. Takardar shekara ashirin ɗin nan, a ranar da ribar kasuwa take kashi 11.2, gyararren mizaninta 7.9 ne. In aka ninka shi da maki 7.8 da riba ta hau, zai ce asarar kashi 62 za a yi, alhali kashi 40 muka samu. Dalili shi ne yayin da riba ke hawa, kuɗin da ke can nesa yana rasa nauyinsa, mizanin da kansa yana gajarta, sai faɗuwar ta riƙa yin sauƙi. Saboda haka a ƙasa irin Najeriya, inda riba ke iya motsawa da maki biyar ko fiye cikin shekara guda, mizanin ya isa a gwada hatsarin takarda da takarda, amma in ana son sanin adadin asara sai a sake cikakken lissafi.

Kuskure na biyu da ake yawan yi shi ne ɗaukar cewa duk abin da Babban Banki ya ƙara, haka ribar kowace takarda za ta ƙaru. Ma'aunin Babban Banki ya fi tasiri a kan bashin gajeren lokaci. Ribar takardar shekara goma kuwa tana bin abin da masu jari ke tsammani game da hauhawar farashi da yawan bashin da gwamnati za ta ci a shekarun gaba. A 2024 an yi lokutan da takardun shekara ɗaya suka fi na dogon wa'adi riba, alamar cewa kasuwa ba ta ɗauki tsadar kuɗin a matsayin mai ɗorewa ba. Lambar da za a ninka da mizani ita ce canjin ribar takardar da kake riƙe da ita, ba wadda aka karanta a labarai bayan taron kwamitin Babban Banki ba.

Na uku, mizanin bai san komai game da gazawar mai bashi ba. Yana ɗauka ne cewa duk biyan zai zo a ranarsa. Masu takardun gwamnatin Ghana sun ga ɗaya fuskar a ƙarshen 2022 da farkon 2023, lokacin da aka nemi su musanya tsofaffin takardunsu da sababbi masu ƙaramar riba da dogon wa'adi. Wannan hatsari ne daban, kuma awonsa daban.

Wa ya yi asara da gaske?

Za a ce, to, ai mafita a bayyane take, kada a sayar. Mutuminmu ya zauna har Yunin 2027 ya karɓi miliyan ɗayansa, asarar ta zama ta takarda kawai. Akwai gaskiya a ciki, domin kullum wa'adi na matsowa farashi yana komawa wajen miliyan ɗaya, ko da ribar kasuwa ba ta sauko ba. Amma a faɗi gaskiya duka. Shekara uku yana karɓar 112,000 a kan jarin da a sabuwar takarda zai kawo 190,000. Wannan giɓi na 78,000 a shekara, in aka mayar da shi darajar yau, shi ne daidai 172,000 ɗin da kasuwa ta zaftare. Wanda ya sayar ya ɗauki asararsa a dunƙule, wanda ya riƙe yana ɗaukarta a gutsure. Kuma a Yunin 2024 hauhawar farashin kaya a Najeriya ta haura kashi 34, don haka miliyan ɗayan da za a mayar ba shi ne miliyan ɗayan da aka bayar a 2020 ba.

Babbar matsalar ma ita ce riƙewa ba kullum take a hannun mutum ba. Bankin Silicon Valley na Amurka shi ne misalin da ba za a manta ba. A shekarun da kuɗin ruwa ke kusa da sifili, ajiya ta yi masa yawa, ya zuba kaso mai tsoka a takardun dogon wa'adi masu goyon bayan gwamnati, waɗanda babu mai shakkar za a biya su. Babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa a Maris 2022, kafin shekara ta zagayo ya haura kashi 4.5. A ƙarshen 2022 takardun da bankin ya ce zai riƙe har wa'adi, na kimanin dala biliyan 91, suna ɗauke da ɓoyayyiyar asara ta kusan dala biliyan 15. Ranar 8 ga Maris 2023 ya sanar cewa ya sayar da wasu takardu na kimanin dala biliyan 21 da asarar biliyan 1.8. Washegari masu ajiya suka nemi cire dala biliyan 42, ranar 10 ga wata hukuma ta rufe shi. Kuɗin da ake binsa na yau-yau ne, kadararsa kuwa ta shekaru ce, sai aka tilasta masa sayarwa a ranar da farashi ya fi muni.

A nan ne ƙarfin nan biyu masu jan juna ke da amfani. Mun ce hawan riba yana karya farashi amma yana ƙara ribar sake zubawa. Akwai lokacin da su biyun suke kashe juna, kuma wannan lokaci shi ne kusan daidai mizanin jira na Macaulay. Mu koma ga wanda ya saya a 827,628, mu ce bayan shekara biyu da rabi yake buƙatar kuɗinsa, kusa da mizanin 2.59. In riba ta tsaya a kashi 19, hayar da ya tara da farashin sayarwa za su ba shi kimanin 1,302,900. In washegarin sayensa riba ta haura zuwa 22 ta zauna a can, zai tashi da kimanin 1,300,100. In ta sauka zuwa 16, kimanin 1,306,300. Riba ta yi yawo a faɗin maki shida, abin da ya shiga aljihunsa bai bambanta da fiye da naira 6,200 ba. Da a ce bayan wata shida yake buƙatar kuɗin, da hawan ya yi masa illa sosai. Wannan dabara ta daidaita mizanin jari da ranar buƙata ita ce kamfanonin inshora da asusun fansho ke amfani da ita, kuma ta shafi duk ma'aikacin da ke da asusun fansho a Najeriya, tun da fiye da rabin kuɗin fansho a takardun gwamnatin tarayya yake.

Haka kuma ƙofar riba tana nan ta wannan hanya. Sukuk ɗin da aka fitar a 2025 kashi 19.75 yake biya, na shekara bakwai. In ribar kasuwa ta sauko sosai, mai riƙe da shi zai ga farashinsa ya haura ainihin kuɗinsa, kuma gwargwadon tsawon mizani gwargwadon hawan. Amma wanda ya sayi doguwar takarda domin wannan fata ya san cewa hasashen inda kuɗin ruwa zai nufa yake yi, ba ajiya ba, kuma kuɗin makarantar yara na baɗi ba shi ne na irin wannan hasashe ba.

Hukuncina shi ne laifin ba na takardar ba ne, na yadda ake tallanta ne. Dillalai da bankuna suna buga rubutacciyar riba da manyan baƙaƙe, su bar mai saye ya gano sauran ranar da ya zo sayarwa. Ya kamata hukumomin da ke kula da kasuwar hannayen jari su wajabta a rubuta, cikin harshen da mai saye ke ji, abin da miliyan ɗaya zai koma in riba ta hau da maki ɗaya, da uku, da biyar. Kafin a kai ga haka, kai mai saye ka riƙe tambaya uku: nawa ce cikakkiyar ribar a farashin yau, nawa ne mizanin jiran takardar, kuma yaushe ni zan buƙaci kuɗina? In mizanin ya fi lokacin buƙatarka tsawo, ka nemi gajeriyar takarda, ko da ribarta ta ɗan gaza.